Tsofaffin kaset ɗin bidiyo na iyali: gyaran rawa da koɗewar hoto daga wajen kwafa yake farawa

Tambaya: Malam, mahaifinmu ya bar mana kaset ɗin bidiyo na VHS kusan ashirin, yawancinsu daga tsakanin 1992 da 1999. Na sayi ƙaramar na'urar USB na kwafi guda biyu zuwa kwamfuta, amma hoton yana rawa, kala ta koɗe, kuma can gaba magana ba ta tafiya daidai da baki. Wace manhaja zan sa ta gyara mini su, mu adana su ga na baya?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan mahaifinku. Kafin mu zo kan manhaja, ka dakata da kwafar sauran sha takwas ɗin, domin abubuwa ukun da ka lissafa, mafi yawansu a hanyar kwafar suka shigo, kuma abin da ya lalace a wajen kwafa babu manhajar da za ta mayar da shi daidai. Kaset ɗinka da alama yana riƙe da hoto mai kyau fiye da wanda ka gani a kwamfutarka. Aikin farko shi ne ka fito da wannan hoton yadda yake, ka ajiye shi ba tare da ka taɓa shi ba, sa'an nan ka yi gyara a kan wani kwafi daban.

Bari na fara da rawar, don ita ta fi ruɗa mutane. Abin da ake kira rawar hoto iri uku ne, kowanne da asalinsa, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Akwai wadda ta fito daga zaren kaset da na'urar da ke juya shi. Akwai wadda ta fito daga yadda kwamfuta ta harhaɗa hoton. Ta ukun ita ce ta hannun wanda ya riƙe kyamara a ranar. Wannan ta ƙarshen kaɗai manhajar daidaita hoto take gyarawa. Idan ka ɗora ta a kan sauran biyun, ƙara dagula su za ta yi.

Ga yadda za ka bambance su. Kyamarorin wancan lokaci da yawa suna buga kwanan wata da lokaci a kusurwar hoto. Ka zuba wa wannan rubutun ido. Idan rubutun yana tsaye cak amma mutane da ɗaki suna lilo a bayansa, hannun mai ɗauka ne. Idan rubutun kansa yana karkarwa, ko gefen haruffan yana zama kamar haƙoran zarto yana motsi, ko saman hoton yana lanƙwashewa gefe ɗaya kamar tuta a iska, to daga kaset da na'ura ne. In babu kwanan wata, ka dubi duk wani abu miƙaƙƙe a tsaye, kamar gefen ƙofa. Hannu yana motsa ƙofar gaba ɗaya, ba ya lanƙwasa ta. In ka ga ƙofa tana murɗewa kamar maciji, ba laifin mai ɗauka ba ne.

Dalilin wannan murɗewar shi ne, VHS ba ya ajiye hoto a dunƙule. Layi-layi yake rubuta shi a kan zare da maganaɗisu, ta wasu ƙananan kawuna, waɗanda masu gyara ke kira hed, da ke kan wani ganga mai juyawa. Kowane layi yana da lokacin da ya kamata ya fara. Zare kuwa roba ce, tana miƙewa tana tsukewa, injin ma ba ya juyawa da gudu ɗaya daidai wa daida, don haka wani layi ya riga lokacinsa kaɗan, wani ya makara. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana yafe wannan, tana bin siginar duk yadda ta zo. Na'urar kwafa ta USB ba ta yafewa. Tana jiran kowane layi a daidai lokacinsa, in ya saɓa sai ta ajiye shi a karkace, in abin ya yi yawa ta jefar da firem ɗin gaba ɗaya, wato hoto guda daga jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo. A nan ne matsalarka ta uku ta samo asali. Sauti yana shiga ba yankewa, hoto kuma ana zubar da shi ɗaya-ɗaya. A PAL, ɗaya daga tsare-tsaren siginar talabijin, firem 25 ne a daƙiƙa, ke nan in an zubar da 25 cikin awa guda, baki da murya sun rabu da daƙiƙa ɗaya cur. Shi ya sa farkon bidiyon yake daidai, sai can gaba ka ga an saɓa.

Abin da ke maganin wannan shi ake rubuta wa TBC a jikin na'urori. Aikinsa ya karɓi layukan yadda suka zo a hargitse, ya riƙe su na ɗan lokaci, ya sake fito da su a jere, kowanne a lokacinsa. Dole ya zauna tsakanin kaset da kwamfuta, domin da zarar an mayar da karkataccen layi lambobi, bayanin inda ya kamata ya fara ya tafi. Ana samunsa a cikin wasu manyan na'urorin S-VHS na JVC da Panasonic. Hanya ta biyu da masu wannan aiki suka daɗe suna bi ita ce a ratsa da siginar ta cikin wasu tsofaffin na'urorin naɗar DVD na Panasonic, irin su DMR-ES10 da DMR-ES15, ba don a naɗi komai a faifai ba, sai don su miƙar da layukan kafin su isa kwamfuta. Duk waɗannan tsofaffin kaya ne, na hannu za ka nema. Kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar VHS, ya daina tun 2016, don haka duk wadda ka samu ka gwada ta da kaset marar muhimmanci tukuna. In ba za ka iya haɗa kayan ba, ka kai wa masu sana'ar, amma ka tambaye su abu biyu: shin suna amfani da TBC, kuma za su ba ka fayil ɗin asali ko sai wanda aka matse. Amsar waɗannan biyun ta ishe ka sanin ko sun san aikin.

Kafin kaset ya shiga na'ura, ka duba shi ta tagar robar da ke gabansa. In ka ga fari-fari ko toka-toka kamar gari ko saƙar gizo a gefen naɗin zaren, fumfuna ce. Kada ka saka shi. Zai toshe hed, ya bar ƙwayoyin fumfunar a cikin na'ura, su shafi duk kaset ɗin da ya biyo baya. Ka ware shi a leda daban, a kai wa mai injin goge zare. Waɗanda suke da tsabta, in daga wuri mai zafi ko laima ka ɗauko su, ka bar su kwana guda a ɗakin da za ka yi aikin. Ka karya ɗan harshen robar da ke bayan kowane kaset, wanda rashinsa ke hana na'ura yin naɗi a kai, don yatsa ba ya shawara kafin ya taɓa maɓallin da bai kamata ba. Sa'an nan ka tura zaren har ƙarshe, ka dawo da shi farko sau ɗaya, ya warware daga zaman shekaru. In ka kunna ka ji yana ƙara kamar kukan ɓera, ko hoto ya fito na ɗan lokaci ya rikiɗe ya zama yayyafi, ka tsayar nan take. Zaren yana mannewa ne ko yana zubar da fatarsa a kan hed, kuma duk daƙiƙar da ka ƙara, hoto kake kankarewa.

Da kaset ya fara tafiya, ka ba maɓallin TRACKING haƙƙinsa. Na'urar da ta naɗi kaset ɗin da wadda ke karanta shi yanzu ba su zama daidai ba, wannan maɓallin ne ke sa hed ya hau kan sawun da aka rubuta. Kada ka dogara da na atomatik kaɗai. Ka matsa da hannu har zanen yayyafi ya fice daga hoton, kuma ka saurara da kunne, domin a kaset mai sautin Hi-Fi, in ba a daidaita ba za ka ji ƙarar tsattsagewa ko da hoton ya yi kyau. Kaset ɗin da aka naɗa a LP, wato rabin gudu don ya ɗauki ninkin lokaci, ya fi wahala, saboda sawunsa siriri ne. In na'urarka tana da mafitar S-Video ka yi amfani da ita maimakon wayar nan mai rawayan kai, don tana raba haske da kala, kowanne da hanyarsa, ba sa gurɓata juna.

Yanzu fayil ɗin da za ka kwafa a ciki. Manhajojin da ke zuwa da ƙananan na'urorin USB yawanci suna matse hoton kai tsaye zuwa MP4 ko MPEG-2 mai ƙaramin nauyi. Hoton VHS cike yake da ƙura-ƙuran sigina, matsewa kuma ba ta jituwa da su, sai ta mayar da su murabba'ai-murabba'ai ta shafe fuska. Duk gyaran da ka yi daga baya a kan wannan ɓarnar zai hau. Ka kwafa a girman asali, 720x576 a firem 25 in PAL ne, ko 720x480 a 29.97 in NTSC ne, cikin tsarin da ba ya zubar da komai, kamar FFV1 ko HuffYUV, da sauti marar matsi. Kada ka bari a ƙara girman hoton a wannan matakin, kada a cire ƙura, kada a ƙara kala. Hoton da ba a matse ba sam yana cin kusan gigabait 75 a awa, FFV1 yakan rage shi zuwa wajen rabi ko ƙasa da haka. In kowanne daga kaset ashirin ɗinka yana da awa biyu, awa 40 ke nan, faifan ajiya mai terabait 2 zai ɗauke su. Wannan fayil ɗin shi ne asalinka. Ba a gyara shi, ba a yanka shi.

Wata 'yar ratsewa: in a cikin kayan ka tarar da ƙananan kaset na MiniDV ko Digital8, su lambobi ne tun asali. Ba sa buƙatar duk wannan. Ta wayar FireWire ake kwashe su yadda suke, kusan gigabait 13 a awa, kuma asara ce a bi da su ta na'urar USB irin taka.

Bari na bi da kai ta wani aiki da na yi, don ka ga yadda matakan ke bin juna. Kaset ne na PAL daga tsakiyar shekarun 1990, taron dangi a cikin ɗaki, an naɗa a LP. Mai shi ya kawo mini shi tare da fayil ɗin da ya kwafa da kansa, yana cewa ya koɗe, ya mutu. A fayil ɗinsa saman hoton a lanƙwashe yake, duk wanda ya ɗaga hannu sai ka ga hannun ya rabu kamar haƙoran mataji, hoto kuma ya riga sauti da kusan daƙiƙa biyu a ƙarshen awa ta biyu. Da na sake kwafa ta TBC, lanƙwasar ta tafi, sauti ya zauna daidai har ƙarshe, tun ban buɗe manhajar gyara ko ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne matajin, da rawar hannu, da hasken da ya yi fari-fari.

Matajin shi ne rawa iri na biyu. Bidiyon talabijin ba ya ɗaukar cikakken hoto sau 25 a daƙiƙa. Rabi-rabi yake ɗauka sau 50: layuka na 1, 3, 5 a wani lokaci, sai na 2, 4, 6 bayan kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa. Allon kwamfuta da na waya suna nuna rabin biyu a lokaci guda, abin da ya motsa a tsakaninsu sai ya fito da haƙora. Manhajoji da yawa suna magance wannan ta zubar da rabi ɗaya, ko su cakuɗa biyun. Na farko ya zubar da rabin motsin, na biyu ya sa kowa ya yi inuwa biyu. Abin da ya dace shi ne a gina cikakken hoto daga kowane rabi, a samu firem 50 a daƙiƙa, motsi ya yi santsi yadda ido ya saba gani a talabijin. Da manhajar FFmpeg, wadda kyauta ce, haka na yi:

```
ffmpeg -i asali.mkv -vf "bwdif=mode=send_field:parity=tff,crop=704:560:8:4,setsar=12/11" -c:v ffv1 -level 3 -c:a copy aiki.mkv
```

Ka lura da `parity=tff`, wato rabin sama ne ke fara zuwa. In ka yi kuskure a nan, za ka ga motsi yana gaba yana baya da sauri, kamar mutum yana taku biyu gaba ɗaya baya, har ido ya yi ciwo. In ka ga haka ka canza zuwa `bff`. Fayilolin DV yawanci `bff` ne. Shi kuma `crop` ya yanke baƙin gefe na hagu da dama, da layuka 12 na ƙasa, inda za ka ga wani zane yana yagewa a kowane kaset na VHS. Wannan zanen ba lalacewa ba ce, wurin da hed ɗaya ke miƙa wa ɗaya aiki ne, tsohuwar talabijin tana ɓoye shi a bayan gefenta. Dole a cire shi kafin daidaita rawa, in ba haka ba manhajar za ta ɗauke shi motsi, kuma zai riƙa yawo a cikin hoton bayan gyara. `setsar` yana mayar da siffar hoton daidai don kada fuskoki su yi tsawo. Masu son mafi kyawun sakamako suna amfani da QTGMC, ya fi `bwdif` tsabta, amma haɗa shi yana da wahala kuma yana cin lokaci. Tunda asalinka na nan, kana iya komawa gare shi duk ranar da ka shirya.

Sai koɗewa. A nan akwai fahimtar da nake so ka gyara. Hoton takarda da fim suna koɗewa don rinin da ke jikinsu yana lalacewa. Kaset ɗin bidiyo ba shi da rini, sigina ce. Idan ya tsufa, abin da aka fi gani shi ne ƙaruwar ƙura da fararen zane masu walƙiya inda fatar zaren ta ɓantare. Hoto mai fari-fari, marar zurfi, yawanci daga matakin haske ne da ba a saita ba, ko kyamarar ta yi fama da ƙarancin haske, ko kuma kaset ɗin kwafin kwafi ne. A bidiyo na lambobi, baƙi yana zama a 16, fari a 235, a ma'aunin da ya tashi daga 0 zuwa 255. Kada ka yarda da idonka da allonka kaɗai, ka auna:

```
ffplay -i aiki.mkv -vf waveform
```

Zanen da zai fito yana nuna inda mafi duhu da mafi haske suka tsaya. A kaset ɗin da nake ba ka labari, wuri mafi duhu, ƙarƙashin tebur, yana wajen 40, farar riga kuma ba ta wuce 200 ba. Ke nan baƙin toka ne, farin ma toka ne, shi ne abin da mai shi ya kira koɗewa. Na miƙa wannan tazarar ta 160 ta cika 219 da ke tsakanin 16 da 235, ta hanyar ƙara wannan layin, bayan waƙafi, a ƙarshen jerin `-vf` na umarnin da ya fitar da `aiki.mkv`, na sake sakin umarnin:

```
lutyuv=y='clip((val-40)*219/160+16,16,235)'
```

Da wannan kaɗai hoton ya farfaɗo, har kala ta yi kamar an ƙara ta alhali ban taɓa ta ba. Shi ya sa nake cewa a gyara haske kafin kala. Akasin wannan matsalar ya fi muni: in na'urar kwafa ta ƙure haske har farar riga ta manne a saman ma'auni, ninkin rigar da ɗinkinta sun tafi, ba su cikin fayil ɗin. Maganinsa sai a rage haske a saitin na'urar a sake kwafa. Saboda haka ka yi gwajin minti biyu ka auna kafin ka saki kaset na awa uku.

Kala kuwa, a yi mata a hankali. VHS yana ajiye kala da ƙarancin bayani ƙwarai idan aka kwatanta da haske, shi ya sa ja yake malalowa ya wuce gefen riga. In ka ƙara ta da yawa, malalar da ƙurar kake ƙarawa, fuskoki su koma kamar an shafa musu jan ƙasa. Ni ban cika wuce `eq=saturation=1.15` ba, wato ƙarin kashi 15 cikin ɗari. Fatar mutum ita ce ma'aunina, sai wani abu da na tabbata fari ne. In farin bango ya yi ruwan lemo saboda fitilar ɗaki, a rage da `colorbalance` kaɗan-kaɗan, amma kada a kashe ɗumin hasken gaba ɗaya, don haka ɗakin yake a daren. A kaset ɗin da aka kwafa daga wani kaset, sau da yawa kala takan zame ƙasa da layi ɗaya ko biyu, ka ga jan leɓe ya sauka kan haɓa. `chromashift=cbv=-2:crv=-2` yana ɗaga ta ta koma mazauninta.

Yanzu ne muka iso rawar hannu. Ana yin ta zagaye biyu. A na farko manhaja tana bin hoton tana rubuta yadda kyamara ta motsa, a na biyu tana tura kowane firem akasin wannan motsin:

```
ffmpeg -i aiki.mkv -vf vidstabdetect=shakiness=6:result=motsi.trf -f null -
ffmpeg -i aiki.mkv -vf "vidstabtransform=input=motsi.trf:smoothing=25:optzoom=1" -c:v ffv1 -level 3 -c:a copy tsayayye.mkv
```

`smoothing=25` yana nufin ana duba firem 25 a baya da 25 a gaba, jimilla 51 da na tsakiya, kusan daƙiƙa ɗaya a firem 50. Karkarwar da ta fi wannan sauri za a share ta, juyawar da mai ɗauka ya yi da niyya daga wannan fuska zuwa waccan za ta tsira. In ka ɗaga lambar sosai, hoton zai riƙa shawagi kamar kwalekwale, yana makara wajen bin kyamara.

Wannan gyaran yana da farashi, kuma ina so ka san shi kafin ka biya. In an tura firem gefe, ɗaya gefen ya zama fanko, dole a zuƙo hoton don a rufe gurbin. A ce rawar ta kai ɗigo 35 kowane gefe a faɗin 704. Ɗigo 70 ke nan, kashi 10 cikin ɗari na faɗin hoton ya tafi. VHS dama abin da yake iya rarrabewa a faɗi bai wuce layi 240 ba, ka ga an ƙara masa laushi, kuma wanda ke tsaye a bakin hoto an yanke shi. A kaset ɗin nan haka ta faru a gwajina na farko. Na saki umarnin a kan awa biyun gaba ɗaya, sai wani wuri guda da mai kyamara ya yi tuntuɓe ya sa aka zuƙo dukkan bidiyon, domin `optzoom=1` yana zaɓar zuƙowa ɗaya da za ta rufe mafi munin motsi. Wata dattijuwa da ke zaune a gefen hagu ta fita daga hoton kusan duk tsawon zaman, ita ce kuwa wadda iyalin suka fi son gani. Na koma na yanka bidiyon fage-fage da `-ss` da `-to`, na daidaita wurare huɗu da ake tafiya da kyamara, na bar wuraren zama yadda suke. Tun daga nan ban ƙara daidaita kaset a dunƙule ba.

Akwai abubuwa biyu da daidaitawa ba ta iya yi. Firem ɗin da ya dushe saboda kyamara ta fizga a lokacin ɗauka zai ci gaba da zama a dushe, sai ma ya fi fitowa fili, don yanzu hoton a tsaye yake amma yana dushewa yana washewa ba dalili. Na biyu, kwanan watan nan da ya taimake mu a farko, yanzu shi zai riƙa yawo a kusurwa, tunda an tsayar da ɗakin an motsa firem. In rawar ba ta hana gane fuska ba, ba ta kuma sa jiri, ra'ayina a bar ta. Hannun mahaifinku ne ya riƙe kyamarar, kuma yadda ya juya ta ya nuna wanda idonsa ke nema a cikin taron.

Cire ƙura ma haka, kaɗan ya isa. `hqdn3d` a saiti mai sauƙi yana taimaka wa matsewar ƙarshe, amma in ka matsa masa, fata za ta koma kamar roba, mai motsi kuma ya riƙa jan inuwa a bayansa. Ƙara girman hoto zuwa 1080 ba ya ƙara bayanin da kaset bai ɗauka ba. In ka gama, ka fitar da kwafin kallo wanda za a tura wa dangi:

```
ffmpeg -i tsayayye.mkv -c:v libx264 -crf 17 -pix_fmt yuv420p -c:a aac -b:a 192k kallo.mp4
```

Game da adanawa, faifan ajiya yana mutuwa ba sallama, filashi kuma ba wurin ajiyar shekaru ba ne. Fayilolin asali su kasance a wuri uku: faifai biyu daban-daban, da na uku a wani gida ko a ma'ajiyar intanet. Ka ɗauki hatimin kowane fayil da `sha256sum`, ka ajiye sakamakon tare da su, duk shekara ka sake gwadawa. In lambar ta canza, fayil ɗin ya taɓu, sai ka maye shi daga ɗaya kwafin. Bayan 'yan shekaru ka kwashe komai zuwa sabon faifai tun tsohon yana aiki. Sunan fayil ya fara da shekara da lambar kaset, kuma ka ɗauki hoton rubutun da ke jikin kowane kaset da kwalinsa, don sau da yawa nan ne kaɗai kwanan wata yake. Ka zauna da manyan gidanku ku kalla tare, kana rubuta wane ne a minti kaza, a ƙaramin fayil na rubutu kusa da bidiyon. Kaset ɗin kansu kada ka zubar. Ka mayar da zaren farko, ka jera su a tsaye kamar littattafai cikin kwalayensu, a wuri mai sanyi marar laima, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu.

Biyun da ka riga ka kwafa, ka ajiye fayilolinsu har sai ka sami waɗanda suka fi su, sa'an nan ka sake kwafarsu. Wajen jeri kuma, ka koyi hannu da kaset ɗin da ya fi ƙarancin muhimmanci, wanda in na'ura ta tauna shi ba za a yi kuka ba. Idan ka kwafi awa guda ba a zubar da firem ko ɗaya ba, sauti ya zauna daidai har ƙarshe, baƙi da fari suna cikin iyakarsu, to ka ɗauko wanda ya fi daraja a wurinku ya zama na biyu, tun hed ɗin yana da tsabta.